Me ya sa waya ke maƙale wa akwatin waifai na nesa alhali ga wani kusa da ita?

Mai gida ya sayi mesh, wato akwatunan waifai da ke aiki tare a matsayin netwok ɗaya, mai akwati biyu ko uku, ya ajiye ɗaya a falo, ɗaya a ɗakin kwana, duka da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya. Yana cikin kira ta intanet ya taso daga falo ya shiga ɗaki, ya zauna dab da akwati na biyu, sai murya ta fara yankewa, bidiyo ya tsaya cak. Da ya kashe waifai ɗin wayar ya sake kunnawa, komai ya dawo daidai. Wannan ita ce matsalar da masu harkar netwok ke kira sitiki romin: wayar ta riƙe akwatin da ta fara kamawa, ta ƙi sakinsa, ko da yake ga wani mai ƙarfin sigina a gabanta.

Abu na farko da ya kamata a riƙe, wanda duk sauran bayanin ke rataye a kansa, shi ne cewa waya ce ke yanke shawarar sauya akwati. Akwatunan mesh ba su da ikon ɗauke ta daga wannan su miƙa wa wancan. Iyakar abin da akwati zai iya shi ne ya ba ta labarin maƙwabtansa, ya ba ta shawara ta tashi, ko kuma ya kore ta. Inda za ta sauka bayan korar ma ita ce za ta zaɓa. A layin salula ba haka abin yake ba, don a can netwok ɗin kamfani ne ke umartar waya ta koma wata eriya yayin da ake kira. Shi ya sa mutum zai yi tafiyar awa guda a mota kira bai yanke ba, amma ya yanke masa tsakanin falo da ɗaki.

Yadda waya ke lissafi

Ana auna ƙarfin siginar da waya ke ji da dBm, kuma lambar kullum da alamar ragi take zuwa. Wadda ta fi kusa da sifili ita ce mai ƙarfi: -45 sigina ce mai kyau ƙwarai, -67 ita ce iyakar da masu tsara netwok suka saba ɗauka domin kiran murya, -80 kuwa da ƙyar ake aiki da ita. Lissafin ba na ɗaya bayan ɗaya ba ne. Kowane ragin 3 dB rabin ƙarfin ne ya tafi, ragin 10 dB kuma kashi ɗaya cikin goma ne ya rage. A fili babu bango, duk lokacin da nisa ya ninka ana asarar kamar 6 dB.

Waya ba ta zama tana neman akwatin da ya fi kowane ƙarfi a kowane lokaci. Nema yana da tsada: sai ta bar canal ɗin da take kai, wato tashar rediyon da take magana da akwati a kanta, ta leƙa sauran ɗaya bayan ɗaya, kuma duk lokacin da take can ba ta aikawa ba ta karɓa, ga cin batiri. A wasu canal na zangon 5 GHz, waɗanda ake rabawa da na'urorin rada, doka ba ta ba ta damar yin tambaya ba, sai dai ta yi shiru ta jira shelar da akwati ke yi kusan sau goma a kowace daƙiƙa. Saboda haka masu ƙera waya suka sa mata sharuɗɗa biyu, kuma sai an cika su duka kafin ta motsa.

Sharaɗi na farko shi ne siginar da take kai ta faɗi ƙasa da wata iyaka. Kamfanin Apple ya wallafa tasa: iPhone da iPad suna riƙe akwatinsu har sai sigina ta wuce -70 dBm, kwamfutocin Mac kuma sai -75. Kafin a kai nan, wayar ba ta damu da abin da ke kusa da ita ba. Sharaɗi na biyu shi ne sabon akwatin ya fi na yanzu da tazara mai kauri: a iPhone 8 dB idan ana cikin aika data, 12 dB idan wayar na zaune ba ta aikin komai. Samsung ya bayyana -75 dBm da tazarar 10 dB ga wayoyinsa na Galaxy. Sauran wayoyin Android kowace da nata, gwargwadon kamfanin da ya ƙera guntun waifai ɗin da ke ciki, shi ya sa za a ga waya biyu a hannun mutum ɗaya, ɗaya ta sauya ɗaya ta maƙale.

Wannan tazara ba sakaci ba ne. Da babu ita, wayar da ke tsakiyar akwati biyu za ta yi ta tsalle tsakaninsu duk lokacin da mai ita ya juya jikinsa, kowane tsalle kuma ɗan katsewa ne. Maƙalewa ita ce kuɗin da ake biya domin guje wa wannan tsallen.

Misalin gida guda, da alƙalumansa

A ɗauki gidan bulo mai tsawo, akwatin farko a falo, na biyu a ɗakin kwana, tsakaninsu kamar mita 15 da bango biyu. Dukansu suna watsawa da cikakken ƙarfi, a ce 23 dBm, kamar yadda suka fito daga kwali; wannan ƙarfin watsawa ne, shi ya sa ba shi da alamar ragi. A ce an zagaya da waya ana auna zangon 5 GHz, aka samu haka. A falo, akwatin falo -42, na ɗaki -71. A tsakiyar hanyar da ke kai wa ɗaki, na falo -60, na ɗaki -58. A bakin ƙofar ɗaki, na falo -66, na ɗaki -50. A kan gado, na falo -68, na ɗaki -44.

Duba abin da zai faru da iPhone da ta taso daga falo. A kan gado akwatin ɗaki ya fi na falo da 24 dB, wato fiye da ninki ɗari biyu. Amma siginar falo ta tsaya a -68, ba ta kai -70 ba. Sharaɗi na farko bai cika ba, don haka ba a ma zo kan na biyu ba. Wayar za ta kwana a kan akwatin falo. Laifin a nan ba rashin ƙarfin akwatin ɗaki ba ne, yawan ƙarfin na falo ne: ya yi rauni har ya dame ka, amma bai yi raunin da zai dami wayar ba.

Mai karatu zai iya cewa ai -68 ba ta da muni, me zai sa kira ya yanke? Amsar tana ɗaya ɓangaren hanyar. Lambar da waya ke nunawa, da sandunan da ke saman allo, duk labarin yadda waya ke jin akwati ne. Ba su faɗi yadda akwati ke jin waya ba. Waya ƙaramar na'ura ce mai aiki da batiri, tana watsawa da ƙarfin da bai kai na akwati ba, sau da yawa wajen 15 dBm ko ƙasa. Idan akwati na watsawa da 23 ita kuma da 15, to a inda take jin sa a -68, shi yana jin ta a wajen -76. Tafin hannu da jikin mai riƙe da ita ma suna shanye wani abu. Alamar wannan a fili take: kana jin wanda kuke magana da shi sarai, shi kuma yana ta cewa muryarka na yankewa; bidiyo na sauka, amma aika hoto ya gagara.

Gyaran wannan gida shi ne a rage ƙarfin akwatin falo. A mai da shi 17 dBm, ragin 6 dB ke nan a ko'ina. Yanzu a falo -48, wadda har yanzu sigina ce mai kyau. A tsakiyar hanya -66. A bakin ƙofa -72. A nan an ƙetare iyaka, wayar ta fara nema, ta ga akwatin ɗaki a -50, tazarar 22 dB, sai ta sauya tun kafin a zauna. Sai a duba hanyar dawowa. Akwatin ɗaki yana kaiwa falo a -71, wato da ƙyar yake ƙetare iyakar, kuma sai an shiga falon sosai. Shi ma a rage shi zuwa 17: zai zama -77 a falo, -56 a bakin ƙofar ɗaki, -50 a kan gado. Tazarar bakin ƙofa ta koma 16 dB, ta isa.

Wayar Galaxy ta gidan kuwa tana nan a maƙale, domin -74 da take ji a kan gado bai kai -75 ba. Ko dai a ƙara rage akwatin falo da 2 dB, ko a dogara da shawarar da akwati ke bayarwa, wadda za a zo kanta. Kuma kowane ragi yana da farashinsa a wani wuri: kicin ɗin bayan falo da ke samun -64 a da, idan an sauko zuwa 15 dBm zai koma -72, ba kuma wani akwati kusa da zai karɓe shi. Don haka a riƙa ragewa da 3 dB a lokaci guda, a sake zagaya gidan gaba ɗaya bayan kowane ragi, ba hanyar da ke da matsalar kaɗai ba.

Akwai wata maƙalewar da ke kama da wannan amma dalilinta akasinsa ne. Idan akwatunan sun yi nisa da juna ƙwarai, wayar za ta ƙetare -70 ta fara nema, sai ta tarar ɗaya akwatin ma -72 yake. Ba tazara, ba sauyi. Za ta ci gaba da jan tsohon har -80 kafin sabon ya fi shi da 8 ko 12. A irin wannan gida rage ƙarfi ƙara lalata lamarin zai yi. Abin da ake bukata shi ne a matso da akwatunan ko a ƙara ɗaya a tsakiya. Ma'aunin da ke raba biyun mai sauƙi ne: a daidai wurin da tsohon akwati ya kai -70, nawa sabon yake? Idan ya kai -60 ko ya fi, tsarin ya yi. Idan tsohon bai taɓa kaiwa -70 ba a duk inda ake zama, ƙarfi ya yi yawa. Idan ya kai amma sabon na ƙasa da -65, nisa ya yi yawa.

Tarkon zangon 2.4

Kowane akwati yana watsawa a zango biyu aƙalla, 2.4 GHz da 5 GHz, kuma mesh yakan ba su suna ɗaya. Zangon 2.4 ya fi tafiya nesa. Ko a fili yana da rinjayen kamar 6 zuwa 7 dB a kan 5 GHz, bango kuma ya fi shanye na 5. A gidan da aka yi misali da shi, inda 5 GHz na falo ke -68 a kan gado, 2.4 nasa zai iya zama -58. Wayar da ta sauka a kan wannan ba ta da wani dalilin motsi ko kaɗan, sandunanta a cike, amma tana kan zango mai cunkoso wanda canal uku kacal, 1 da 6 da 11, ba sa hawa kan juna. Wannan ita ce maƙalewar da ta fi ruɗa mutane, domin allo na nuna sigina cike, aiki kuma na tafiyar hawainiya.

Maganinta a sa ƙarfin 2.4 ya zama ƙasa da na 5 da kamar 6 dB, don iyakokin zangunan biyu su zo kusan wuri ɗaya. Idan 5 GHz na kan 17, a sa 2.4 a kan 11 ko 12. Inda manhajar ta yarda, hanyar da ta fi tsabta ita ce a buɗe suna biyu: ɗaya na 5 GHz kaɗai domin wayoyi da kwamfutoci, ɗaya na 2.4 domin kyamarori da sauran ƙananan na'urori da ba sa motsi. Sai a sa wayoyin su manta da suna na biyu.

Abin da ya sa bai kamata a ƙyale wayar da ta maƙale ba, ko da mai ita bai koka ba, shi ne ba ita kaɗai ke shan wahala ba. Canal na waifai kamar zauren taro ne da mutum ɗaya ke magana a lokaci guda. Idan mai jan magana ya karɓa, kowa sai ya jira shi. Ƙunshin data mai bayit 1500 yana ɗaukar kamar milisakan 2 a gudun 6 Mbps, amma a 400 Mbps bai wuce kashi uku cikin ɗari na milisakan ba, ban da ɗan lokacin share fage da kowane ƙunshi ke ci. Wayar nesa tana sauka zuwa ƙaramin gudu, tana kuma maimaita abin da bai isa ba, duk wannan daga lokacin waɗanda ke zaune a falon ake cirewa.

Abin da 802.11k da v da r suke yi, da abin da ba sa yi

Ana rubuta waɗannan haruffa uku, waɗanda sunayen ƙa'idojin waifai ne, a jikin kwali kamar su ne ƙarshen matsalar. Suna taimakawa, amma kowanne aikinsa daban, kuma ba wanda ya ƙwace shawara daga hannun waya.

802.11k, na shekarar 2008, yana ba waya jerin maƙwabta: ga akwatunan da ke kusa, ga canal ɗin kowanne. Maimakon ta leƙa canal ashirin da wani abu, sai ta leƙa biyu ko uku. Yana gajarta nema, amma ba ya sa a fara neman da wuri. 802.11r, shi ma na 2008, yana gajarta gaisuwar tsaro bayan an riga an yanke shawarar sauyawa. Amfaninsa ya fi fitowa a ofisoshi da makarantu inda kowa ke shiga da sunansa ta hanyar sabar tantancewa, ko a netwok mai WPA3. A gida mai kalmar sirri ɗaya da WPA2, gaisuwar dama gajeriya ce. Mutane da yawa suna kunna `Fast Roaming`, wato 802.11r ɗin nan, suna jiran maƙalewa ta ƙare, ba ta ƙarewa, domin ba a kan matsalar yake aiki ba. Wasu tsofaffin firintoci da kyamarori ma sukan ƙi shiga netwok ɗin gaba ɗaya idan an kunna shi.

Wanda ya taɓa maƙalewa kai tsaye shi ne 802.11v, na 2011. Da shi akwati ke aika wa waya saƙo cewa ga wani akwati da ya fi mata, ta koma can. Wannan saƙo yana iya motsa wayar da ke zaune a -68 wadda da kanta ba za ta nema ba. Amma roƙo ne, kuma wayar tana mayar da amsa: 0 na nufin ta yarda, sauran lambobi ƙi ne, 7 misali na nufin ba ta ga wanda ya dace a cikin waɗanda aka ba ta ba. Akwati na iya haɗa saƙon da gargaɗin cewa zai cire ta nan ba da jimawa ba, wanda yakan sa wayoyi su fi saurin yarda.

Ga mai amfani da OpenWrt, manhajar da ake girkawa a rauta a madadin ta kamfani, waɗannan su ne layukan da ake sawa a sashen `wifi-iface` na kowane akwati, iri ɗaya a duka:

```
option ieee80211k '1'
option bss_transition '1'
option ieee80211r '1'
option mobility_domain 'a1b2'
option ft_over_ds '0'
option ft_psk_generate_local '1'
```

Ana bukatar cikakken `wpad`, ba `wpad-basic` ba, kafin `bss_transition` ya yi aiki. Kuma waɗannan layuka ƙofa kawai suke buɗewa. Sai an girka `usteer` ko `dawn` sannan akwatunan za su riƙa musayar labarin maƙwabta da aika shawarar tashi. Ba tare da ɗayansu ba, jerin maƙwabtan babu kowa a ciki sai akwatin kansa.

Kora, da inda take cutarwa

Makami na ƙarshe shi ne akwati ya cire duk wayar da siginarta ta faɗi ƙasa da wata lamba. A UniFi sunansa `Minimum RSSI`, a ASUS `Roaming assistant`. Yana aiki har a kan wayar da ba ta jin shawara, amma a nan ne aka fi yin ɓarna, don dalili biyu.

Na farko, lambar da ake sawa ta yadda akwati ke jin waya ce, ba yadda waya ke jin akwati ba. A tuna tazarar 8 dB ta ɗazu: wanda ya sa -70 a akwati mai cikakken ƙarfi yana korar wayoyin da a nasu allon -62 suke gani, sigina mai kyau. Na biyu, kora ba ta san ko akwai wurin zuwa ba. Wayar da ke kicin ko tsakar gida, inda akwati ɗaya ne kawai ke kaiwa, za a kore ta, ta dawo, a sake korarta. Bayan 'yan zagaye wasu wayoyin sukan daina amincewa da netwok ɗin na ɗan lokaci su koma kan datar layi, mai gida bai sani ba sai ya ga kuɗinsa sun ƙare. A ganina kada a taɓa wannan saiti sai an gama daidaita ƙarfi da wurin akwatuna, kuma idan za a sa, a fara daga -80, a hau a hankali, kada a wuce -75, sannan a kashe shi a akwatin da ke gefen gida wanda babu wani a bayansa.

Tabbatar da cewa maƙalewa ce

Kafin a sauya komai, a tabbatar. Duk akwatunan suna da suna ɗaya, amma kowace rediyo tana da lambarta ta daban, BSSID. Ita za a sa wa ido. A Android manhajar WiFiman tana nuna ta tare da ƙarfin sigina. A iPhone ana kunna `Wi-Fi Scanner` a saitin manhajar AirPort Utility domin ganin ƙarfin kowane akwati, manhajar mesh ɗin kuma ta nuna wanda wayar ke kai, sai dai takan yi jinkirin sabunta bayani. A Mac a danne `Option` a taɓa alamar waifai. A Windows da Linux kuwa:

```
netsh wlan show interfaces
iw dev wlan0 link
```

Sai a yi tafiya a hankali daga akwati zuwa akwati ana cikin kira, ko ana aika `ping` zuwa rauta sau biyar a daƙiƙa, a lura da inda BSSID ta sauya da yawan amsoshin da suka ɓace. Kowace amsa da ta ɓace milisakan 200 ne. Ɓacewar ɗaya ba komai. Biyar ko goma a jere na nufin korar wayar aka yi ko ta faɗi gaba ɗaya ta sake shiga. A yi gwajin sau biyu, da kira da kuma ba kira, tunda tazarar da waya ke nema ta bambanta.

Idan BSSID ta nuna wayar tana kan akwatin kusa, sigina -45, amma aiki na tafiya a hankali, to ba maƙalewa ba ce. Hanyar da ke haɗa akwatin da uwar rauta, wato babban akwatin da intanet ke shigowa ta cikinsa, ita ce mai rauni. Wannan na da alaƙa da duk abin da aka faɗa a sama, domin idan akwatunan ta iska suke magana da juna da rediyon da wayoyi ke amfani da shi, rage ƙarfin akwatin falo zai raunana wannan hanyar ma, kuma kowane ƙunshi sau biyu yake hawa canal ɗin, abin da ke cinye kusan rabin gudun. Mesh na iska yana son akwatuna su ji juna da ƙarfi, sauyin waya kuma yana son iyakokinsu su rabu. Buƙatun biyu suna jan juna. Kebul ne ke raba wannan gardama. Cat5e ko Cat6 yana kaiwa mita 100, kuma da zarar an ja shi tsakanin akwatuna, ana iya rage ƙarfi yadda ake so, a kuma ba kowane akwati canal nasa inda manhajar ta yarda. A gidan sama mai rufin kankare da rodi a ciki, kebul tsakanin hawa da hawa kusan dole ne.

Yawancin mesh na gida masu sauƙin kuɗi ba su da wurin rage ƙarfi. A nan wurin ajiya ne ya rage a hannu: a matsar da akwatin falo zuwa ɓangaren da ya fi nisa da ɗaki, ta yadda ƙarin bango ɗaya zai shiga tsakani, ko, idan akwati uku ne a ƙaramin gida, a cire na tsakiyar a sake aunawa. Ƙara akwati a gidan da ƙarfi ya riga ya yi yawa ƙara maƙalewa yake yi. A kuma duba cewa suna, kalmar sirri da nau'in tsaro iri ɗaya ne a duka. Idan ɗaya na WPA2 ɗaya na WPA3, wasu wayoyin za su ɗauke su netwok biyu.

Saura wata maƙalewar da ba ta da alaƙa da tafiya, wadda ake yawan gani inda wuta ke yawan ɗaukewa. Idan aka dawo da wuta, uwar rauta ce ke fara tashi, sauran akwatunan sai sun same ta kafin su fara watsawa, wanda kan ɗauki minti ɗaya ko biyu. A wannan tsakanin talabijin ɗin ɗaki, kyamara da wayar da ke caji duk sun kama uwar daga nesa, kuma tunda siginar ba ta faɗi ƙasa da iyakarsu ba, a can za su zauna. Alamarta ita ce manhaja ta nuna kusan duk na'urorin gida a kan akwati ɗaya bayan an kawo wuta. Idan duk akwatunan suna kan inbata ko ƙaramin batirin ajiya, matsalar ba ta tasowa. Sa uwar kaɗai a kan batiri kuwa ƙara ta yake yi, domin a duk ɗaukewar wuta kowa zai koma kanta. Na'urorin da ba sa motsi, irin su talabijin, a ja musu kebul, ko a ɗaure su ga akwatin kusa da su idan manhajar mesh ɗin tana da wannan zaɓi.